In Za Ki Roƙi Tsohuwar Shugabarki Ta Shaide Ki

 Yau ina so in ba ku labarin wata kunya da na sha, da yadda na gyara abin daga baya. Na san a cikinku akwai waɗanda suka ajiye aiki saboda aure ko goyo, yanzu kuwa suna so su koma, akwai kuma waɗanda ba da daɗewa ba za su gama makaranta su fara cika fom na neman aiki.

Duk wadda ta taɓa riƙe irin wannan fom ta san wurin nan na can ƙarshe, inda ake cewa a rubuta sunan mutum biyu, wani lokaci uku, waɗanda za su ba da shaida a kanki. Galibi ana so ɗaya daga cikinsu ya zama wanda kika taɓa yin aiki a ƙarƙashinsa, domin shi ne ya ga zuwanki da tashinki. Shaidar kawunki ko ta ƙawarki ba ta da nauyi a wurin masu ɗaukar aiki, don sun san waɗannan ba za su faɗi aibinki ba. To, a wannan wuri ne na yi tuntuɓe.

Na koyar a wata makarantar firamare a Zariya daga watan Janairu na 2013 zuwa watan Yuli na 2017. Shugabarmu wata dattijuwa ce, Hajiya muke ce mata, mace mai tsare gida, ba ta da yawan magana, amma ba ta zalunci. Da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Kano sai na ajiye alli na bi shi, na zauna ina renon yara. A 2022, da autana ya shiga makaranta, na ji wata makaranta kusa da unguwarmu tana neman malamar lissafi. Na cika fom, da na zo wurin masu shaida sai na rubuta sunan Hajiya da lambar wayarta, ban ko yi tunani ba. Na ce a raina, ai Hajiya uwa ce, ta san aikina, me za ta faɗa in ba alheri ba?

Aka kira ni intabiyu, na ga alama an ji daɗina. Na dawo gida ina jiran kira, shiru, mako ɗaya, biyu, wata guda. Sai daga baya wata malama da ke aiki a can ta raɗa mini cewa sun buga wa Hajiya waya, suka faɗa mata sunana, ta ce ita kam ba ta san wata mai wannan suna ba. Ranar nan ban iya cin tuwon dare ba. Na yi ta saƙe-saƙe, ina cewa ashe haka Hajiya take, shekara huɗu da rabi ina yi mata aiki ta ce ba ta san ni ba?

Maigida ne ya tambaye ni, wane suna na rubuta a fom? Nan fa jikina ya yi sanyi. A Zariya duk takardun makaranta da sunan mahaifina suke, su malamai kuwa da wani laƙabi suke kirana saboda mu biyu ne masu suna ɗaya. A fom ɗin Kano kuwa sunan maigida na sa a bayan nawa. Watau baƙon mutum ya buga wa tsohuwa waya, bayan shekara biyar, ya kira mata sunan da ba ta taɓa ji ba, ya ce ta ba da shaida. Me za ta ce? Ai gaskiya ta faɗa. Malamai nawa suka wuce ta hannunta kafin ni da bayana? Laifin nawa ne ɗungum.

Ki lura da wannan, 'yar'uwa, domin shi ne tushen maganar duka. Ke shugaba ɗaya kika yi, ba za ki manta da ita ba, ita kuwa irinki da yawa ta gani. In kin roƙe ta shaida, kina ganin kalma biyu ce za ta faɗa ta huta, alhali kuwa kaya ne kika ɗora mata. Sai ta tuno ko ke wace ce, sai ta tuno shekarun da kika yi, sai ta nemi lokacin rubutu, sa'an nan ta sa sunanta da mutuncinta a kan maganar da ta faɗa. Shaida kuwa ba abin wasa ba ce ga mai tsoron Allah, ba wadda take so ta yi shaidar zur don ta faranta wa wata rai. Yawancin shugabannin da ke cewa "to, bari mu gani," sa'an nan a ji su shiru, ba ƙiyayya ce ta hana su ba, nauyin kayan ne. Aikinki shi ne ki rage mata shi tun kafin ki buɗe baki ki roƙa.

A farkon 2023 wata makarantar ta sake neman malamai. Wannan karon ban rubuta sunan kowa ba sai da na tambaye shi. Na fara aika wa Hajiya saƙo a waya, ban kira ta kai tsaye ba, don kira yakan riski mutum ba shiri, ya rasa abin faɗa. Ga abin da na rubuta, na ajiye shi har yau:

"Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Ni ce malamar da ta riƙe aji uku, daga baya aji biyar, a ƙarƙashinki daga 2013 zuwa 2017, wadda ta koma Kano saboda aikin maigidanta. Ina neman aikin koyar da lissafi a wata makarantar firamare a nan, sun ce in kawo sunan wadda na yi aiki a ƙarƙashinta. Shaidar aiki kawai suke so, ba garanto ba ne, babu maganar kuɗi. In kin yarda in kira ki gobe bayan La'asar in yi miki bayani. In kuwa akwai abin da zai hana, wallahi ba komai, ba zan ji haushi ba."

A farkon saƙon na sa sunana da na mahaifina, da laƙabin da suke kirana da shi, na kuma haɗa da wani hoto da muka ɗauka mu malamai ranar ba da kyaututtuka, na nuna mata inda nake tsaye. Ba a yi awa guda ba sai ga amsa: "Af, 'yar nan, ke ce? Kira ni."

Bari in tsaya a kan maganar garanto, don ita ce ta fi kowace sa manya su ja da baya, mu kuwa mata ba mu cika bambanta su ba. Mai shaida abin da ta sani take faɗa, cewa wance ta yi aiki a wurina daga shekara kaza zuwa kaza, ga yadda na ga aikinta da halinta. Daga nan ta gama. Garanto kuwa tsaya miki yake yi. Yakan cika fom dabam, ya manna hotonsa, ya ba da kwafin katin shaidarsa, ya sa hannu cewa in kin yi ɓarna ko kuɗi sun salwanta a hannunki za a neme shi. A ƙasar nan wurare da yawa, musamman inda ma'aikaci zai riƙe kuɗi ko kaya, suna neman duka biyun, wani lokaci ma takardun a haɗe suke zuwa. Tsohuwar da ke zaune da 'yar fanshonta, in ta ji an ce "ki sa mini hannu," abin da zai fara faɗo mata a rai shi ne ranar da za a zo ƙofar gidanta neman kuɗin da ba ta ci ba. Saboda haka ki karanta fom ɗin da kyau tukuna. In kin ga ana neman hoton mutumin, ko an ambaci biyan hasara, to, wannan garanto ne, ki kai shi wurin danginki ko na maigida, waɗanda suka san gidanki. Kada ki lulluɓe shi da sunan shaida ki miƙa wa tsohuwar shugabarki. In ta gano, kin rasa shaidar, kin kuma rasa mutuncin.

Da na kira Hajiya muka gaisa, na tambayi jikoki, na yi mata gaisuwar wata malamarmu da ta rasu. Sa'an nan na faɗa mata abin da ya faru a 2022, na nemi gafara. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe ke ce. Na daɗe ina tunanin kiran nan. Me ya hana ki gaya mini?" Ban da amsa. Na ce mata ina so in zo in gaishe ta ranar Asabar in kawo mata takardu. Tsakanin Kano da Zariya ba nisa ne mai hana zuwa ba, zumunta kuwa a ƙafa take. Amma in shugabarki tana nesa ƙwarai, ba dole ne ki yi tafiya ba, ki aika mata da hoton takardun a waya, ya isa.

Abin da na kai mata takarda ɗaya ce tak, shafi ɗaya, na rubuta da manyan baƙaƙe don idonta ya yi rauni. A sama na sa sunana na da, da sunan da ke fom yanzu, na ja layi a ƙarƙashin na biyun, don shi ne za ta ji a bakin mai kira. Na rubuta watan da na fara aiki da watan da na bari, da azuzuwan da na riƙe, aji uku shekara biyu, aji biyar shekara biyu da rabi. Na rubuta abu biyu da na tabbata ta gani da idonta: cewa ni na riƙe littafin kuɗin littattafan yara na shekara uku, ita take dubawa ƙarshen kowane zango ta sa hannu, da kuma cewa ni nake tsayawa da 'yan aji shida bayan an tashi ina yi musu bitar lissafi kafin jarrabawar shiga sakandare. Na rubuta dalilin barina aiki. A ƙasa kuma na sa sunan sabuwar makarantar, da irin aikin, da ranar da za su rufe karɓa.

Ba ko'ina a takardar nan da na rubuta cewa ni mai ƙwazo ce ko mai amana. Wannan nata ne ta faɗa, in ta ga haka ne. Ni abin da ya faru kawai na jera mata, don ta samu abin kamawa. Shaidar da ta ce "yarinyar kirki ce" kurum ba ta amfana wa kowa komai, kowa ma haka ake faɗa a kansa. Amma wadda ta ce "ta riƙe mana kuɗi shekara uku, ban taɓa samun giɓi ba," ita ce mai ɗaukar aiki yake sauraro. Hajiya kuwa ba za ta tuna da wannan ba in ban tuna mata ba, ko da yake da ta karanta sai ta ce, "Haka ne fa, ke ce mai jan biro ɗin nan." Ki kuma tabbata shekarun da kika ba ta su ne kika rubuta a fom. In ke kin ce shekara biyar, ita ta ce huɗu, ba za su ce tsohuwa ce ta manta ba, za su ce ke ce kika ƙara.

Sai maganar yadda za a nemi shaidar. Kafin in je Zariya na koma ofishin makarantar na tambayi akawunsu, wasiƙa suke so ko waya za su buga? Ya ce za su aika wa mai shaida saƙon imel mai ɗauke da tambayoyi, ta cika ta mayar cikin mako guda, wataƙila kuma su kira. Da ban tambaya ba da an sake maimaita ta 2022, domin Hajiya tana da imel amma ba ta buɗe shi sai jikarta ta zo. Muka zauna da jikar, na gaya mata makon da saƙon zai iso da sunan makarantar da za ta gani a kansa, na ce in ba ta gan shi ba ta duba wurin da aka rubuta Spam, don irin waɗannan saƙonni sukan faɗa can. Na kuma gaya wa Hajiya cewa in ta ga baƙuwar lamba a makon ta daure ta ɗauka. Yanzu mutane da yawa ba sa amsa lambar da ba su sani ba saboda 'yan damfara, mai ɗaukar aiki kuwa in ya kira sau biyu ba a ɗauka ba sai ya wuce kan mai bi miki.

Akwai wani abin da ya dame ta wanda ni ban hango ba. Ta ce, "To ni yanzu na yi ritaya, ba ni da takarda mai kan makaranta, ba ni da hatimi. Da wane suna zan rubuta?" Tana tsoron kada a ce ta yi amfani da muƙamin da ba nata ba ne yanzu. Maganin wannan mai sauƙi ne. A fom na rubuta a gaban sunanta cewa tsohuwar shugabar makaranta kaza ce, ta yi ritaya, ita ma haka ta sa a ƙarƙashin sa hannunta. Ba wanda ya ƙi karɓa. Abin da suke so su sani shi ne ita ce shugabata a lokacin da na yi aikin. In kuwa wurin ya nace sai takarda mai hatimi, to, ki je tsohuwar makarantar, shugaban da ke kai yanzu ya duba fayil ya rubuta cewa kin yi aiki daga kaza zuwa kaza, shaidar hali kuma ta fito daga wadda ta san ki.

Yanzu ga wurin da ya fi mini wuya. A shekarata ta ƙarshe, ina da cikin ɗana na biyu, na yi ta makara, har Hajiya ta taɓa kirana ofis ta yi mini faɗa. Na san irin waɗannan tambayoyi ba sa rasa maganar zuwa aiki a kan lokaci, da kuma tambayar ko za ki sake ɗaukar ta in kin sami dama. Na yi ta shawara da zuciyata ko in yi shiru, watakila ta manta. Daga ƙarshe na ce mata, "Hajiya, in sun tambaye ki maganar makara, ki faɗi abin da kika sani, ba na so ki ɓoye komai saboda ni." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Da ma ba zan ɓoye ba. Amma tun da ke kika fara faɗa, zan ce musu zango biyu ne cikin shekara huɗu da rabi, zan kuma faɗi dalili." Na ga kamar an sauke mata dutse. Ashe abin yana ranta, tana neman yadda za ta ce da ni. Da na yi shiru, mai yiwuwa da ta karɓa a gabana don kunya, sa'an nan ta bar saƙon ya kwana har lokaci ya wuce.

Saboda wannan kunyar tamu ne na sa mata ƙofar fita tun a saƙon farko. Mu Hausawa ba mu iya ce wa mutum a'a a kan idonsa, sai mu ce "to" ko "Allah ya kai mu." In ba ki ba ta hanyar ƙi cikin mutunci ba, za ta ƙi ta hanyar shiru, ko kuwa ta rubuta miki shaida mai sanyi, layi biyu, wadda mai karatu zai gane ba da zuciya ɗaya aka yi ta ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Alamun ba su da wuyar ganewa. In ta ce ba ta tuna aikinki sosai ba, ko ta ce ki fara tambayar wance tukuna, ko kin aika saƙo sau biyu ba amsa, to, ta amsa ke nan. Ki yi godiya ki nemi mataimakiyarta, ko shugaban sashenku, duk wanda ya ga aikinki da idonsa. Kada kuma ki aika mata babban mutum, ko mijinta, ko ƙawarta, su roƙa miki. Za ta yarda, amma ba don ke ba, a rubutun kuwa za a gani.

Wata za ta tambaya, tsaraba fa? Ni dai ranar da na je roƙo lemo kawai na riƙa, irin wanda kowa zai kai in ya je gaida babba. Turmin atamfa ko ambulan na kuɗi a rana irin wannan nauyi yake ƙara mata, don sai ta ji kamar an sayi bakinta, Hajiya kuwa da ta mayar mini da shi. Abin da ya kamata ki ɗauke mata shi ne ɗawainiya. In wasiƙa ce za a kai, ke za ki biya kuɗin buga ta da na aikawa, in an ce a rufe ta a ambulan, ki kai ambulan da adireshi a rubuce, kada kuma ki nemi ki karanta. In ta ce ki rubuto ta sa hannu, yadda wasu manya kan ce don rashin lokaci, ki rubuta shekaru da ayyuka kawai, ki bar mata fili ta ƙara nata da hannunta. In shugaban naki namiji ne, ofis za ki same shi a lokacin aiki, ko ki rubuta masa, da sanin maigida, sauran duk ɗaya ne.

Na ba Hajiya mako biyu cif kafin ranar rufewa, ban zo mata da "gobe ake so" ba. Saƙon ya iso ranar Talata, jikarta ta same shi a can inda na ce ta duba. Ranar Juma'a na aika gaisuwa sau ɗaya, na ambaci cewa ranar Litinin za su rufe, ban ƙara ba. Ranar Lahadi da dare jikar ta rubuto mini cewa sun aika.

Ku 'yan makaranta, naku ya fi sauƙi, don har yanzu kuna gaban malamanku. Wadda za ta gama sakandare, ko koyarwar gwaji, ko bautar ƙasa, ta je wurin wanda ya lura da aikinta a makon ƙarshe, ta ce, "Malam, in an nemi shaida nan gaba, ka yarda in ba da sunanka?" Ta karɓi lambarsa, ta rubuta watan farawa da na gamawa a littafi, ta riƙa gaishe shi ko da da salla ne. Amma duk da haka, kowane karo za ta sa sunansa a fom, sai ta sake gaya masa.

An ɗauke ni aikin a watan Afrilu na 2023, aji huɗu aka ba ni. Ranar da na karɓi takarda, kafin in gaya wa mahaifiyata ma, Hajiya na fara kira. Atamfar kuwa sai da na karɓi albashin farko na kai mata, a lokacin ta karɓa ta sa albarka. Da zan tafi ta rako ni har zaure, ta ce mini a cikin malaman da ta shaida tun da ta yi ritaya, 'yan kaɗan ne suka dawo suka gaya mata yadda aka ƙare, sauran sai dai ta ji a gari. Ta kuma ce takardar nan tawa mai shafi ɗaya tana cikin jakarta, in an sake nema in buga mata waya kawai.